Zufar dare bayan ɗaukewar al'ada: a sha magani ko a haƙura?

Likita, shekarata 51, wata 14 ke nan rabona da al'ada. Zafi kan taso mini daga ƙirji zuwa fuska, da dare in jiƙe sharkaf ko da hunturu ne. An ce akwai magani, amma ƙanwata ta ce yana jawo sankarar mama. Malamar makaranta, Ƙofar Ƙaura.

Sannu Malama. Idan mace mai shekarunki ta cika wata 12 ba jini, al'ada ta ɗauke ke nan. Ƙwayayen haihuwa sun rage samar da sinadarin istirojin, shi ya sa wurin da ke daidaita ɗumin jiki a ƙwaƙwalwa yake rikicewa. Abin yakan ɗauki shekaru, wasu har bakwai ko fiye. Amma in akwai tari da rama tare da zufar, a fara gwajin tarin fuka.

Maganin yana mayar wa jiki sinadarin da ya rasa ne, kuma babu abin da ya kai shi kwantar da wannan zafin. Yana kuma kare ƙashi daga saurin karyewa. Tunda mahaifarki na nan, dole a haɗa miki da na biyu, furojestaron, domin istirojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa har ya iya zama sankara.

Ƙanwarki ba ƙarya ta yi ba, sai dai a san girman haɗarin. A ƙididdigar Birtaniya, cikin mata 1,000 'yan shekara 50 zuwa 59, kimanin 23 kan kamu da sankarar mama cikin shekara biyar ko ba su sha komai ba. Ga masu shan haɗin sinadaran biyu, kimanin mutum huɗu ne ke ƙaruwa a kan haka, kuma haɗarin yana hauhawa da daɗewar sha. Tsoron ya bazu ne a 2002, bayan wani babban bincike a Amurka, wanda matsakaicin shekarun matan cikinsa 63 ne. Ke kuwa ba ki kai 60 ba, ba ki kuma yi shekara goma da dainawa ba. Ga irinku amfanin yakan rinjayi haɗarin.

Da a gabana kike, zan auna hawan jininki, in duba mama, in tambaye ki: kin taɓa sankarar mama, daskarewar jini a ƙafa ko huhu, shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya ko ciwon hanta? In akwai ɗaya, ba za ki fara ba sai ƙwararre ya zauna da ke, kuma akwai magungunan da ba na sinadarin ba masu rage zafin. In babu, na fi son na liƙawa a fata idan ya samu, saboda ƙwayar haɗiya tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Mu fara da kaɗan, ki dawo bayan wata uku, daga nan duk shekara. Matar da ke tashi sau uku tana sauya zane, ta wayi gari a gaban allo ido jawur, ba zan ce mata ta yi haƙuri kawai ba. Roƙona ɗaya: kada ki saya a kemis da kanki.

Shekarata 58, na yi shekara shida ina salla ba fashi. Makon jiya na ga ɗan jini. Al'adar ce ta dawo? Wata uwa, Daura.

A'a Hajiya, al'ada ba ta dawowa bayan shekara shida. Sau da yawa sirancewar fatar gaba ce, amma sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa ma haka take farawa, ba ciwo ba komai. Ko ɗigo ɗaya ne, ki ga likitan mata cikin makon nan, a duba bakin mahaifa a kuma yi hoton ciki. In kaurin bangon mahaifa ya haura milimita 4, akan ɗebi ɗan nama a gwada.

Ba na zufa, amma gabana ya bushe, kwanciyar aure ta zame mini azaba. Ina matsi da kayan mata, abin sai ƙaruwa yake. Daga Ƙofar Marusa.

Na gode da kika cire kunya, 'yar'uwa, mata da yawa suna haɗiye wannan shekara da shekaru. Ki daina matsin tun yau. Fatar wurin ta yi laushi kamar takarda, garin magani ko alif sai dai ya ƙara ƙona ta. Ke ba kya buƙatar maganin da zai zagaye jiki duka. Akwai istirojin na shafawa a ciki, wanda abin da ke shiga jini daga gare shi kaɗan ne ƙwarai. Akan shafa kullum da dare na mako biyu, sannan sau biyu a mako. Sauƙin yakan ɗauki makonni, in aka daina kuma bushewar takan dawo. Kafin ya kama, ki nemi man santsi mai ruwa-ruwa na kemis, ki kuma faɗa wa maigida abin da ake ciki, don kada ya zaci gudunsa kike yi.