Ya nace sai na tura masa hoton jikina, me zan rubuta masa?

Salam Anti, don Allah ki taimaka min kuma a ɓoye sunana. Shekarata 24, a Kaduna nake. Na haɗu da wani a gurup ɗin haɗin aure na WhatsApp, ya ce aure ya kawo shi, da farko hirar mutunci muke sai kwanan nan ya fara cewa in turo masa hoto ba hijabi, daga nan ya koma na kayan barci, yanzu kuma har na jikina yake so wai ai shi zai aure ni kuma addini ya yarda ya ga wadda zai aura. Abin da nake rubuta masa shi ne "don Allah ka yi haƙuri ina jin kunya ne, ka bari sai mun ƙara sabawa", amma kullum dare sai ya dawo da maganar, in na ƙi ya yi fushi ya ce ban yarda da shi ba. Ba zan tura ba Anti, amma na rasa kalmar da zan faɗa ya bari, kuma ina tsoron kar in yi masa rashin kunya.

Wa alaikis salam ƙanwata. Matsayarki daidai take, amsar ce take barin ƙofa a buɗe, kuma wurare uku ne a cikinta. "Ka yi haƙuri" ya nuna kamar kin yi masa laifi ne da kika ƙi, shi ya sa ya samu bakin yin fushi. "Ina jin kunya" kuwa aiki kika ba shi, don kunya abu ce da ake cirewa da lallashi, sai ya ce to ki rufe fuskarki, ko ki kashe fitila, ko shi ya fara turo nasa. Wanda ya fi duka shi ne "sai mun ƙara sabawa", domin a kunnensa alƙawari kika yi, lokaci ne kawai bai yi ba, to me zai hana shi dawowa gobe ya ji ko an saba? Kin san a kasuwa in mai kaya ya ce albarka ciniki bai mutu ba, mai saye ƙara tayi zai yi, sai an ce masa wannan ba na sayarwa ba ne sannan yake wucewa. Ke albarka kike ta cewa.

Ga abin da za ki tura, da rana, ba cikin hirar dare ba lokacin da ya riga ya ɗauko zancen:

"Ba na tura irin wannan hoton, ba yanzu ba, ba nan gaba ba. Kar ka sake tambaya ta. In ka sake, na daina magana da kai."

Shikenan, kar ki ƙara komai. Ba emoji na dariya ko na kunya a ƙarshe, ba "ina fata ba ka ji haushi ba", ba doguwar boyis not. Ki lura na ce "ba na turawa", ban ce "ba zan iya ba", don wanda ya ce ba zai iya ba tambayarsa ake me ya hana, sai a kawo masa mafita. Kuma ban sa dalili ko ɗaya ba da gangan, saboda duk dalilin da kika bayar yana da amsarsa a aljihu, kin ce kina tsoron hoton ya fita sai ya rantse da Allah zai goge, kin ce haramun ne sai ya zama malami. Maganar rashin kunya kuma, ƙanwata babu zagi a cikin saƙon nan, babu cin mutunci, in kina so ki fara da sallama ki kira shi malam ba laifi. Wanda ya nemi tsiraicin 'yar mutane a waya shi ya fara fita daga ladabi.

Zai dawo da wani salon, ki shirya. In ya ce ba ki yarda da ni ba, kar ki fara rantse-rantse kina ba shi tabbacin soyayya, nan ne ake zamewa, ki ce "Na riga na ba ka amsa, ba ta canza ba." In ya ce ki tura ta View once ai sau ɗaya ake gani, amsar ita ce dai, don ko da WhatsApp ya hana ɗaukar sikirinshot a irin wannan hoton, ba abin da zai hana mutum ya ɗauko wata wayar ya ɗauki hoton daga fuskar wayarsa. Haka bidiyo kol, ana naɗarsa ba ki sani ba. In ya turo nasa ba ki nema ba, ba bashi ya ba ki ba, kar ki ce komai a kan hoton.

Hujjar addinin ce nake so ki amsa sau ɗaya tak, don ita ce take sa 'yan mata shakka. Gaskiya ne an halatta wa mai neman aure ya ga wadda yake nema, amma abin da malamanmu na Malikiyya suka ce fuska ce da tafukan hannu, kuma a al'adarmu ma zuwa ake gida da sanin manya a zauna a zaure ko falo. Sai ki rubuta masa: "In aure kake nufi, ka turo manyanka su ga Baba, ka zo gida ka gan ni." Daga nan za ki gane shi, mai niyyar aure zai tambayi rana da kwatance, wanda hoto ya kawo shi zai ce ai bai shirya ba tukuna, a fara fahimtar juna.

To in ya sake tambaya bayan wannan, dole ki cika abin da kika faɗa, in ba haka ba kin koya masa cewa kashedinki ba ya cizo kuma na gaba zai fi wannan naci. Amma kafin ki danna Block, ki ɗauki sikirinshot na hirar yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ki tura wa yayarki ko wata babba da kika yarda da ita, sannan ki danna Report, WhatsApp yana karɓar saƙonninsa biyar na ƙarshe in an yi haka. Ki kuma sanar da admin ɗin gurup ɗin, wallahi da wuya a ce ke kaɗai yake yi wa.

Ba na cewa tabbas ɗan damfara ne, amma ki san akwai masu wannan sana'ar, su karɓi hoto sannan su ce a turo kuɗi ko su watsa, a watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 daga Najeriya kan irin wannan. Don haka in fushin ya juya ya zama barazana, ko ya ce zai haɗa hotonki na fuska da wani jikin ya yaɗa, kar ki roƙe shi, kar ki tura ko sisi, kar ki goge hirar, kuma kar ki riƙe abin ke kaɗai don tsoron faɗan gida, ki gaya wa Mama a ranar. Barazana ta waya laifi ce a dokar laifukan intanet ta 2015, kuma 'yan sanda suna da cibiya ta musamman a Abuja mai kula da irin waɗannan ƙorafe-ƙorafen, ko ku fara da ofishinsu mafi kusa da ku, ku je da wani babba na gida da sikirinshot ɗin a hannu.