Wi-Fin gidan haya: wai ɗan ɗakin kusa zai iya ganin abin da nake yi?

Tambaya: Salam Malam. Mu ɗalibai ne kusan 20 muka haɗa kuɗi muka sa Wi-Fi a gidan da muke haya, fasuwod ɗaya muke amfani da shi. Wani yaro mai karanta kwamfuta ya ce in ya ga dama zai ga duk abin da muke yi, har na banki. Gaskiya ne? In muka canza fasuwod shike nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma canza fasuwod ba zai hana shi komai ba tunda shi ma za ku ba shi sabon.

Ka ɗauki sadarwar kwamfuta kamar bene mai hawa bakwai, haka tsarin OSI ya kasa ta, kowane hawa da ɓarawonsa da kuma maigadinsa. Fasuwod ɗin Wi-Fi maigadin hawa na biyu ne, aikinsa hana na waje laɓewa ya saurari abin da ke yawo a iska. Amma a tsarin tsaron Wi-Fi na WPA2 in fasuwod ɗaya kowa ke sawa, wanda ya san shi kuma ya kama gaisuwar da wayarka ke yi da rauta lokacin da take haɗuwa, to zai iya kwance abin da kuke aikawa juna. WPA3 da ya fito a 2018 ya toshe wannan ƙofar, in rautarku na da shi ku kunna.

Wanda ya fi damuna shi ne sojan gona. Kowace na'ura tana da lamba biyu, ta IP da ta MAC. In wayarka za ta fita intanet sai ta yi cigiya a cikin gida, waye mai 192.168.1.1, wato lambar IP ta rauta, rauta ta amsa ta ba da MAC ɗinta. Wannan tsarin cigiyar sunansa ARP, tun 1982 aka rubuta shi, kuma ba a sa masa hanyar tantance mai amsawa ba, duk wanda ya ce ni ne an yarda. To sai yaron ya sa laftof ɗinsa ta dinga ce wa wayarka ni ce rauta, ta ce wa rauta ni ce wayarka, komai naka ya bi ta hannunsa kafin ya wuce, kai kuwa iyaka ka ga netwok ya ɗan yi nauyi.

Ga yadda za ka duba a laftof mai Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
arp -a
```

In ka ga irin haka:

```
192.168.1.1    3c-a0-67-11-22-33
192.168.1.23   3c-a0-67-11-22-33
```

lambar IP biyu sun haɗu a MAC ɗaya, ɗaya kuma ta rauta ce, to mai 192.168.1.23 shi ne abin zargi. Amma don Allah kar ka je ka ci kwalar kowa tukuna, in kuna da na'urar ƙara nisan Wi-Fi ita ma takan jawo haka, ka kashe ta ka sake dubawa.

Maganin wannan a hawa na biyu yake. Ku shiga saitin rauta ku nemi AP Isolation, wasu na rubuta Client Isolation, in an kunna wayoyi ba sa iya magana da juna sai da rauta kaɗai. Illarsa firinta ko tura bidiyo zuwa talabijin ta Wi-Fi zai daina aiki. 

Maganar banki kuwa a nan ya cika baki. Ko ya shiga tsakani, HTTPS, wato tsarin kulle saƙo da shafin banki ke amfani da shi, yana can hawan sama, ya kulle saƙon tun daga wayarka har sabar bankin, shi tarkacen haruffa kawai zai gani. Abin da zai iya gani yawanci sunan shafin da ka shiga ne da lokaci da yawan data, ban da fasuwod ɗinka ko abin da ka rubuta. In ya yi ƙoƙarin kwaikwayon shafin, satifiket ɗinsa, wato shaidar da ke nuna shafin na gaske ne, ba zai yi daidai ba, Chrome zai nuna maka "Your connection is not private". Wallahi nan ne mutane ke yanka kansu, su danna Advanced su wuce don suna sauri. In ka ga wannan a shafin banki ko imel kana kan Wi-Fin haɗaka, ka fita ka kunna datarka. Kuma kar ka ba kowa wayarka ya sa maka wani satifiket da sunan gyaran netwok, da shi ne zai buɗe HTTPS ɗin ba tare da gargaɗi ya fito ba.

In ko sunan shafin ba ka so ya gani, VPN ne maganin, yana naɗe komai tun daga hawa na uku, sai dai mai VPN ɗin shi ne yanzu yake ganin inda kake shiga, shi ya sa ba na son na kyauta da ba a san masu shi ba.

Ni da ni ne ku, yau zan karɓi fasuwod ɗin shiga saitin rauta, daban yake da na Wi-Fi kuma sau da yawa admin ne tun daga kamfani ba a taɓa canzawa ba, in canza shi ya zama mutum ɗaya amintacce ne ke riƙe da shi, sannan in kunna AP Isolation.