Muryar amsa: yadda ake raba "mun yi" da "na yi" wajen ganawar ɗaukar ma'aikaci

Tambaya: "Hajiya, ina kwana. Ƙungiyarmu za ta ɗauki mai tsaron magaza kafin a fara tara wake. Duk wanda muka tambaya sai ya ce 'mun yi, mun yi'. Yaya zan rubuta tambayoyin don in san abin da shi kansa ya yi?"

Amsa (murya, an rubuta ta):

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ji saƙonka tun da safe, sai yanzu na samu zama.

To, da farko kada ka riƙe mutum da laifi don ya ce "mun yi". Nan Maraɗi haka aka tarbiyyantar da mu, yabon kai jahilci ne, ko shi kaɗai ya ɗauki buhun sai ya ce mun ɗauka. Saboda haka ni tun kafin in fara nakan ce masa: Malam, yau na ɗauke maka kunya, in kai ka yi abu ka ce ni na yi, ba fahariya ba ce.

Babbar tambayar kuma ka ɗaure ta ga rana guda da ta wuce. Kada ka rubuta "me za ka yi in kaya suka ɓace", kowa ya iya wa'azi. Rubuta: ba ni labarin wata rana da aka ƙirga buhuna ba su yi daidai da littafi ba. Yaushe ne, a ina ne?

Bara na zauna irin wannan ganawa. Wani ya ce: buhu 200 ke rubuce, muka tarar da 194, muka bincika, muka gano, aka gyara. Ka ji "aka" ɗin nan? Ita ta fi "muka" haɗari, don babu kowa cikinta. Sai na bi shi sannu. Wa ya fara lura da giɓin? Ya ce magatakarda. Kai kana ina lokacin? Bakin ƙofa. Makulli fa? Ka san in ajiyar bashi ce, wato kayan da aka ajiye jingina aka karɓi bashi, kwaɗo biyu ake sawa, ɗaya na ƙungiya ɗaya na masu ba da bashi, to wanne ke hannunka? Ya ce babu ko ɗaya. Daga nan na yi masa wadda na fi so: lissafa mini mutanen da ke wurin, kowa da abin da ya yi. Bahaushe ba ya jin nauyin yabon wani, nan take ya zuba, wane ya sake ƙirga, wane ya buga wa shugaba waya, wane ya binciko takardun fitar kaya. Da ya gama raba aikin, na ce saura naka. Shiru. Ashe shi dako ya taya, ya jera buhuna. Ba ƙarya ya yi ba, amma ba shi muke nema ba.

Na bayansa ma da "mun" ya fara, kansa a sunkuye. Da na ce mene ne abu na farko da hannunka ya taɓa, sai ya ce littafin shiga ya ɗauko, ya bi rana rana, ya ga mota guda ta ranar kasuwa an rubuta ta sau biyu. Na ce yaya ka tabbatar? Ya ce ya gwada da takardar direba, lamba ɗaya ce. Wa ka faɗa wa, da wace magana? Ya maimaita mini har yadda ma'aji ya ɓata rai. Irin wannan ƙananan bayani, wanda ya tsaya kallo ba ya da shi.



Abin da zai ɓata maka aiki shi ne saka masa amsa a baki. In ka ce "kai ka kira shugaba ko?" ai e zai ce. Ka ce "wa ya kira?" kawai, ka yi shiru, ko shirun ya yi tsawo kada ka cike masa. In kuma ka ji ya koma "mukan yi" ko "ya kamata a yi", ya bar ranar ke nan, ka maido shi: a'a, ranar nan dai.

Ka rubuta waɗannan tambayoyin bin sawu ƙarƙashin babbar tambaya tun a gida, kowa ka yi masa iri ɗaya, kada ka matsa wa baƙo ka sassauta wa ɗan unguwa. Takardarka ka ja mata layi tsakiya, hagu abin da ya yi, dama abin da wasu suka yi. Manyan tambayoyi 3 sun isa, kowace kamar minti 10. Amma ka sani mai zaƙin baki yana iya ɗaukar aikin abokinsa ya ba ka shi tiryan-tiryan, don haka wanda ka zaɓa, ka nemi izninsa ka kira inda ya yi aikin, ka tambaye su labarin ranar nan guda.

Turo mini abin da ka rubuta bayan la'asar in duba.