Abin da gishirin dayazoniyam ke ɗorawa a zoben benzin

"Me da me ake iya sawa a gurbin N₂⁺? C₆H₅Cl na nema, sai ga fenol."

CuCl, CuBr da CuCN suna ba ka Cl, Br da CN. Shi I, KI kaɗai ya ishe shi. F kuwa sai ka zuba HBF₄, ka tace gishirin, ka busar, ka ɗumama a hankali. H₃PO₂ yana sa H, ruwan ɗumi yana sa OH, wato ya ba ka fenol.

Na ƙarshen nan ne ya same ka, ɗan'uwa. In za ka yi gishirin dayazoniyam, haɗa anilin, HCl da NaNO₂ cikin ƙanƙara, digiri 0 zuwa 5. Da zarar haɗin ya ɗumama za ka ga kumfar N₂, ruwa ya shige gurbin tun kafin CuCl ya iso. Kada ka kuskura ka busar da gishirin mai Cl⁻, fashewa yake yi.