Mai sito, rubuta abin da ya canza a hannunka

"Malam, shekara 4 ina riƙe da sito a wani shagon kayan gyaran mota a Suame Magazine, nan Kumasi. A takardar neman aiki na rubuta cewa ina ƙirga kaya, ina yanka rasit, ina sallamar masu saye. Har yau babu kamfanin da ya kira ni. Me zan gyara?" In ji wani ɗan'uwa daga Aboabo.

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Matsalar ita ce duk mai sito a Suame zai iya rubuta wannan jerin, da mai himma da malalaci. Manaja ya riga ya san aikin sito. Abin da bai sani ba shi ne bambancin da zuwanka ya kawo.

Mu ɗauki ƙirga kaya, domin nan kuɗin mai shago ke zurarewa. Tambayi kanka: yaya ka sami siton, me ka sauya, yaya yake yanzu? A ce lokacin da ka zo, sai ƙarshen wata ake ƙirga, kuma kullum a tarar kaya wajen 20 sun yi ƙafa. Kai ka mayar da ƙirgar duk Asabar, ka manna wa kowace kanta lamba, ɓatan ya sauko zuwa 5. To sai ka rubuta:

"Na rage ɓatan kaya daga kusan 20 zuwa 5 a wata, ta hanyar ƙirgar mako-mako da sa wa kantoci lamba."

Ka ga sakamakon ne a gaba, dabarar na biye, duka a layi ɗaya. Ka fara tsara shi da Hausa har ya zauna, kafin ka juya shi zuwa Turanci.

Ina za ka samo alƙaluman? Suna cikin littafin sito, da kwafin rasit, da saƙonnin MoMo. Zauna ka kwatanta wata uku na farkon zuwanka da wata ukun da suka wuce. Don Allah kada ka ƙaga lamba. A ganawa za a tambaye ka yadda ka auna, kuma ana iya buga wa maigidanka waya. Shi ya sa nake so ka karanta masa layukan tukuna. Cinikinsa sirrinsa ne; in bai yarda a ambaci sidi nawa ba, ka ce ɓatan ya ragu da kashi uku cikin huɗu.

Inda babu lamba, amana ma sakamako ce: an damƙa maka makullin sito, ko ka koya wa yara biyu aiki har suna riƙe shago. Hausarka da Asantancinka kuwa, in su suka jawo direbobin Nijar da Arewa suna saye a wurinku, rubuta hakan. Layi uku ko huɗu irin waɗannan sun wadatar, ka share sauran.