An mayar da fassarar kwangila zuwa Ingilishi ta fito daidai, in sa hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan sayi injuna na Yuro 40,000 daga wani kamfani a Faransa. Da Ingilishi muka daidaita, su suka fassara zuwa Faransanci, kuma an rubuta cewa dokar Faransa za a bi, na Faransancin ne hujja. Na ba wani abokina ya mayar mini da sashen biya da kawo kaya zuwa Ingilishi, ya fito daidai da na asali. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, ga shi jibi suke so in sa hannu. Ga sashen:

« L'Acheteur verse 30 % du prix à titre d'arrhes. Le Vendeur livre la marchandise dans un délai de 30 jours ouvrables. En cas de retard, il peut résilier le contrat après notification de l'autre partie. »

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sa hannu a kan wannan sashe yadda yake. Jimla uku ce kawai, amma na ƙirga gyara shida a cikinta.

Bari in fara da gwajin da abokinka ya yi, don shi ne ya fi cutar da mutane. Mayar da fassara zuwa harshen asali ba ya tabbatar da komai a takardar kwangila. Abin da yake iya kamawa shi ne layin da aka tsallake ko adadin da aka kwafa ba daidai ba. Kuskuren da ke kai mutum kotu kuwa wucewa yake yi salin alin, saboda sau da yawa Ingilishi kalma ɗaya gare shi a inda dokar Faransa take da biyu masu hukunci daban. Mai fassara ya ɗauki wadda ba ita ba, mai mayarwa ya dawo da ita kan kalmar nan guda, kowa ya ga ta yi daidai. An shiga ta ƙofa ɗaya an fito ta ita, ba wanda ya leƙa ɗakin da aka kwana. Kullum sai an kawo irin wannan takarda ana cewa ai an duba, wani ma har da hatimin rantsattsen mai fassara. Hatimin nan shaida ce cewa mai shi ya ɗauki nauyin fassararsa, ba ya nufin wani ya zauna ya auna abin da kalmar za ta jawo maka a gaban alƙali. Masu cewa duk wanda ya ji Faransanci zai iya wannan aiki su ne suke jefa 'yan kasuwa cikin asara.

Dubi kafin alƙalamin naka. Kalmar arrhes da kalmar acompte duk kuɗi ne da ake bayarwa tun farko, kuma duk za su koma Ingilishi da suna ɗaya. Amma sashe na 1590 na kundin dokokin farar hula na Faransa ya ce idan arrhes aka bayar, kowane ɓangare yana da damar fasa cinikin: wanda ya bayar ya yi asarar kuɗinsa, wanda ya karɓa ya mayar da ninki biyu. Kashi 30 na kuɗinka Yuro 12,000 ne. Idan injunan suka yi tsada mai sayarwa ya sami wani mai saye, sai ya miƙo maka 24,000 ya kama gabansa, ba ka da hanyar tilasta masa ya kawo kaya ko da ka riga ka yi wa wasu alkawari a kansu. Idan acompte ne, ciniki ya faɗa, kuɗin wani ɓangare ne na farashi, wanda ya janye ana iya tilasta masa ya cika ko ya biya diyya. Ko kana iya zuwa daga baya ka ce ba haka kuka nufa ba? Sashe na 1188 ya ce a bi niyyar ɓangarorin biyu, amma na 1192 ya hana alƙali yi wa magana bayyananniya fashin baƙi, ga shi kai da hannunka ka yarda cewa na Faransancin ne hujja. Shari'a ce mai tsawo a kan abin da za a gyara yau da kalma ɗaya.

Haka kwanakin suke. Idan aka ce jours ouvrables, ana ƙirga Litinin zuwa Asabar ban da Lahadi da ranakun hutu, 30 ya zama mako biyar. Idan aka ce jours ouvrés, ranakun da ake buɗe wurin aiki ne, galibi Litinin zuwa Juma'a, 30 ya zama mako shida. Ka duba wanne kuka yi magana a kai. Sannan wa'adin ba shi da mafari. Daga ranar sa hannu ne, ko daga ranar da kuɗi ya shiga asusunsu? In ba a ga à compter de da abin da ke biye da shi ba, ba ranar da za ka nuna ka ce yau sun makara.

Jimla ta uku ita ce mai harshen damo. Wakilin sunan il ana iya mayar da shi ga mai saye ko mai sayarwa, duka biyun jinsin namiji ne, kuma wanda ya fi kusa da shi a rubuce shi ne mai sayarwa. Wato ana iya karanta ta cewa wanda ya makara shi ke da ikon warware cinikin. Ita ma notification de l'autre partie tana ɗaukar sanarwar da aka aika wa ɗaya ɓangaren, tana ɗaukar wadda ta fito daga wurinsa. Sai résilier, wadda aka fi sani da yanke kwangila daga yau zuwa gaba, kamar haya, ba tare da mayar da abin da ya wuce ba. Kai kuɗinka kake so ya dawo, don haka résoudre ta dace, kuma a rubuta mayarwar ɓaro-ɓaro.

Abu ɗaya da ba kuskure ba ne, kada wani ya taɓa shi: verse da livre. A rubutun doka na Faransanci sigar yanzu wajibci take nunawa.

Hanyar dubawa ita ce ka ajiye takardar Ingilishi gefe. Ka ba lauyan da ya san dokar Faransa rubutun Faransancin shi kaɗai, ka tambaye shi sakamako: wa zai iya fasawa, nawa zai biya, wace rana wa'adi zai cika a kalanda, wa zai aika wa wa takarda. Sai ka gwada amsoshinsa da abin da kuka daidaita a kai. Duk inda suka saɓa, ko inda ya ce ana iya karantawa haka ana iya karantawa haka, nan gyara yake. Ga abin da za ka iya miƙa masa ya fara da shi, idan Litinin zuwa Juma'a kuka nufa:

« L'Acheteur verse un acompte de 30 % du prix. Le Vendeur livre la marchandise dans un délai de 30 jours ouvrés à compter de l'encaissement de l'acompte. À défaut, l'Acheteur peut résoudre le contrat par notification écrite adressée au Vendeur, 15 jours après une mise en demeure restée sans effet. Le Vendeur restitue alors l'acompte. »

Na sa mise en demeure da gangan, wato takardar gargaɗin ƙarshe. Sashe na 1225 yana buƙatarta kafin a warware, sai in an yarda a kan akasin haka, kuma dole ta ambaci wannan sashe na kwangilar a fili. Bayan an gyara, ka bi sauran shafukan ka nemo arrhes duk inda ta sake fitowa, musamman a takardar neman biya da za su aiko maka, don kada takardu biyu su kira kuɗi ɗaya da suna biyu.