Yara sun haddace jadawalin sau amma ba sa iya amsa na tsakiya

"Assalamu alaikum. Aji uku nake koyarwa. Yarana suna rera jadawalin sau tiryan-tiryan, amma in na tsinko ɗaya daga tsakiya, kamar 6 sau 7, sai su yi tsuru-tsuru. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya zauna musu a ka sautin rerawar ne, shi kuwa sauti daga farkonsa ake kamo shi, ba ya tsinkuwa a tsakiya. Ni a ajina na ajiye rerawar gefe, na koma ƙirgen tsallake da yatsu.

Ki zana lambobi daga 1 zuwa 100 a allo, goma a kowane layi, su ma su kwafa a littafi. A fara da bibbiyu, goma-goma da biyar-biyar, kowace lamba aka faɗa a zagaye ta. Kada ki gaya musu abin da za su gani, ki tambaye su. Da bakinsu za su ce na biyar duk sun jeru a layi biyu na tsaye, masu ƙarewa da 5 da masu ƙarewa da 0. Sau tara ya fi ba su sha'awa, domin 9, 18, 27, 36 suna gangarowa ne a karkace. Dalili shi ne ƙara tara daidai yake da ƙara goma a cire ɗaya, wato ka sauko layi guda ka ja baya gida guda. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba sai an haddatar da shi cewa lambobin 27 ko 63 in an haɗa su tara suke bayarwa ba.

Sai dai ƙirgen tsallake shi kaɗai yana iya komawa wata rerawar. Yaro zai zuba miki 6, 12, 18, 24 babu gargada, ki ce shida sau nawa ne 24, ya rasa. Shi ya sa kowane tsallake sai an ɗaga masa yatsa. Ya ce 6, yatsa ɗaya. 12, yatsa biyu. Har hannu ya cika a 30. Nan za ki tsayar da su, ki maimaita har ya zauna: cikar hannu ɗaya sau biyar ke nan, hannu biyu sau goma.

To, ga 6 sau 7 ɗin da kika kawo. Yaro ba zai koma farko ba. Zai buɗe hannu guda ya ce 30, ya ƙara yatsu biyu: 36, 42. In 8 sau 7 ne, hannu ɗaya 40, biyun da suka rage 16, ya zama 56. In 8 sau 9 ne, daga sama zai sauko: hannu biyu 80, a naɗe yatsa ɗaya, saura 72. Babu tambayar da ta wuce tsallake biyu daga ɗayan madogaran nan, in an haɗa da mafarin.

Amsar da yaro ya kuskure ma tana gaya miki inda ciwon yake, don haka kada ki yi saurin cewa ba daidai ba. Wanda ya ce 6 sau 7 ya ba da 36 ko 48 ya san jerin, yatsa ne ya kuɓuce masa. Sau da yawa za ki tarar ya ɗaga na farko tun kafin ya ce shida. Wanda ya ce 41 ko 43, tarawa ce ta kayar da shi wajen ƙetare goma, sai a koya masa raba shidan: 36 da 4 arba'in, da 2 kuma 42. Shi kuwa wanda ya ce 13 haɗa lambobin ya yi, bai ma san me "sau" ke nufi ba. Wannan a mayar da shi kan tsakuwa, ya yi tsibi bakwai, kowanne shida, ya ƙirga da hannunsa.

Da tsakuwan nan kuma za ki rage musu aiki. A jera layi uku, kowanne takwas, a zagayo a duba ta ɗaya gefen: layi takwas, kowanne uku, 24 ɗin ba ta canza ba. In sun yarda da wannan, sun kuma iya sau 1, 2, 3, 4, 5, 9 da 10 (sau huɗu ai ninkin sau biyu ne), shida kacal suka rage: 6 sau 6, 6 sau 7, 6 sau 8, 7 sau 7, 7 sau 8, 8 sau 8. Ba na ƙin hadda a nan, amma a gauraye nake tambaya, minti biyar kullum, kuma duk wanda ya amsa sai ya faɗi ta inda ya biyo.